Yadda ake sa Google Sheets ya riƙa ɗauko hasashen ruwa da farashin canji daga intanet da kansa

Ni ne ke riƙe da lissafin wata ƙaramar ƙungiyar manoma a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, riɗi muke yi da gero da ɗan wake. Da can kullum da safe sai na buɗe shafi biyu ko uku a waya, in dubo nawa sefa take, in dubo ko za a yi ruwa, in kwafa a littafi, wani lokacin ma kafin in gama data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Yanzu fayil ɗaya nake buɗewa in tarar komai ya shigo da kansa. Ba kodin na iya ba, fomula ce kawai irin ta lissafi da ake rubutawa a akwati ɗaya. Fayil ɗin nan namu shi zan nuna maka yadda na haɗa shi tun daga farko.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara, don shi ne zai warware maka rabin matsalolin da za ka gamu da su. In ka rubuta fomular, ba wayarka ce ke zuwa shafin ba, kwamfutocin Google ne ke zuwa su karanto su kawo maka. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne, abin da aka baje a fili zai gani ya faɗa maka, amma ba shi da makullin shagon kowa, kuma in mai shago ya kore shi haka zai dawo hannu rabbana.

Kayan aiki

Adireshin Gmail, wanda kusan duk mai babbar waya yana da shi. Sai Google Sheets, kyauta ne, a burauza ka rubuta `sheets.google.com`. Ka lura fa, Google Sheets na ce. Waɗannan fomulolin ba sa aiki a Excel, haka a WPS ɗin da ke zuwa cikin wayoyi da yawa, za ka rubuta daidai amma ya ce bai san sunan ba.

Laftof ta fi daɗin aiki a ranar farko. In babu, waya ma ta isa, sai dai ka tanadi Chrome a kanta ban da manhajar Sheets ɗin, zan faɗi dalili a mataki na 3. Data kaɗan ake ci, tunda nauyin buɗe shafin yana kan Google, kai sakamakon kawai ke iso maka. Amma ranar haɗawa ka samu wurin da sabis ke tsayawa, ni bakin makarantar firamare nake zuwa saboda nan ne sanda uku ke tsayawa a garinmu.

Kalmomi biyu da zan riƙa maimaitawa: "akwati" shi ne kowane ɗan gida a cikin tebur, kamar A1 ko B5. "Ganye" kuma shi ne waɗannan shafukan da sunayensu ke jere a ƙasa, `Sheet1` da sauransu.

Mataki na 1: Buɗe fayil ka raba shi ganye-ganye

Ka buɗe sabon fayil ka sa masa suna. A ƙasa ta hagu akwai alamar `+`, ka danna sau uku ka samu ganye huɗu. Ka sa musu suna `Gaba`, `Canji`, `Ruwa`, `Tebur`. Suna guda-guda ba tazara a tsakani, don in da tazara sai ka riƙa ƙara wasu alamomi duk lokacin da za ka kira shi a fomula.

Dalilin rabawar nan shi ne fomular ɗauko bayani a akwati ɗaya ake rubuta ta, amma abin da ta ɗauko yana malala ne zuwa dama da ƙasa, wani lokacin layi ɗari. In ta tarar da ko harafi ɗaya a hanyarta ba za ta taka shi ba, sai ta ƙi fitowa gaba ɗaya. Saboda haka kowace fomula da ganyenta, fili fetal. `Gaba` kuma shi ne allon da mutane za su riƙa kallo.

Sannan ka shiga `File`, ka zaɓi `Settings`, ka duba `Locale`. Ka bar shi a `United Kingdom` ko `United States`, ka gyara `Time zone` ya zama na Lagos. Wannan ba ado ba ne. In fayil ɗin yana kan tsarin Faransa misali, kamar yadda ake samu in wani ɗan'uwa daga Damagaram ya turo maka nasa, to a can da `;` ake raba sassan fomula ba da `,` ba, duk abin da na rubuta a ƙasa zai ƙi aiki sai ka canza.

Mataki na 2: Fomular farko, farashin canji

Da wannan nake fara wa kowa saboda gajera ce kuma ba ta buƙatar linki. Ka shiga ganyen `Canji`, a A1 ka rubuta Dala, a B1 ka rubuta:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:USDNGN")
```

Ka danna `Enter`. Zai ɗan nuna `Loading...` sannan lamba ta fito, wato naira nawa ke sayen dalar Amurka ɗaya. Haruffa shidan nan na ƙarshe biyu ne aka haɗe, `USD` kuɗin da kake tambaya, `NGN` kuɗin da kake so a ba ka amsa da shi. Riyal na Saudiyya ga masu tarin kuɗin Umara `SARNGN` ne, yuro `EURNGN`.

Mu da ke kusa da boda sefa ce damuwarmu, ranar Alhamis a kasuwar Maigatari rabin cinikin dabbobi da ita ake lissafawa. Lambarta `XOF`. Ita sefa ɗaya ƙaramar aba ce, ba wanda ke ciniki da ita ɗaya-ɗaya, da jaka ake magana, wato sefa 1,000. To a B2:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:XOFNGN")*1000
```

Akwai wata hanya da nake tabbatar da wannan lambar, kuma ita ce madadin in wata rana ta ƙi fitowa. Sefa a ɗaure take da yuro, kullum yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Kenan a B3 kana iya sa:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:EURNGN")/655.957*1000
```

A ce misali yuro ya nuna naira 1,700, in ka raba da 655.957 ka ninka da dubu zai ba ka kusan 2,592. B2 da B3 ya kamata su zo kusa da juna sosai. In ka ga sun yi hannun riga to ɗaya ta samu matsala, kar ka yi ciniki da ita.

Yanzu gargaɗi, kuma dan Allah ka faɗa wa duk wanda za ka ba fayil ɗin. Wannan ba farashin 'yan canjin Wapa ba ne, ba kuma na mai jakar kuɗi a bakin boda ba, farashin manyan kasuwannin kuɗi ne, kuma Google da kansu sun ce yana iya yin jinkirin da ya kai minti 20. Amfaninsa ka ga inda iska ta dosa, ko naira na hawa ko tana sauka. Abin da nake yi shi ne duk Alhamis in na tambayi mai canji, sai in rubuta nasa farashin da hannu a wani akwati can gefe, in sa fomular ragi tsakaninsu. Bayan 'yan makonni za ka gane yawan ratar da aka saba samu, ranar da wani ya faɗa maka abin da ya wuce haka sosai ka san akwai magana.

Kuskuren da ya fi kama sababbi a nan shi ne alamar zance. Dole ta zama miƙaƙƙiya `"` ba mai lanƙwasa `“ ”` ba. Word da wasu kibod na waya suna lanƙwasa ta da kansu, a ido kamar ɗaya suke amma Sheets zai ba ka `#ERROR!` tare da `Formula parse error`. Na taɓa cinye kusan awa guda a kan wannan, ina ta zagin sabis alhali laifina ne, daga wani rubutu na kwafo. In ka ga haka ka goge alamomin ka sake buga su a cikin akwatin.

Mataki na 3: Hasashen ruwan sama da IMPORTDATA

Wannan ne ya fi mana amfani da damina, don haka zan tsaya a kai sosai.

`IMPORTDATA` tana ɗauko fayil irin wanda ake ce wa `CSV`, wato tebur ne tsirara, lambobi da waƙafi a tsakaninsu ba hoto ba ado. A duk fomulolin nan ita ce ta fi rashin rigima, shi ya sa in shafi yana ba da `CSV` ba na ma kallon sauran hanyoyin. Akwai wani shafin hasashen yanayi mai suna Open-Meteo da ke ba da nasa haka, kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba, ba rajista ba lambar sirri.

Sai ka fara sanin lambobin wurinka a taswira. Ka buɗe Google Maps, ka danna kan garinku ko gonarka ka riƙe yatsa, lambobi biyu za su fito. Ta farko ita ce `latitude`, ta biyu `longitude`. A yankinmu ta farko tana wajen 11 zuwa 13, ta biyu wajen 8 zuwa 10. Haɗejiya misali tana kusan 12.45 da 10.04, da ita zan yi misalin. Kar ka juya su, in ka sa 10.04 a farko 12.45 a biyu ba kuskuren da zai nuna maka, zai kawo hasashe lafiya lau amma na wani wuri can daban mai nisan ɗaruruwan kilomita.

A ganyen `Ruwa`, akwatin A1, layi ɗaya ba yankewa ba tazara:

```
=IMPORTDATA("https://api.open-meteo.com/v1/forecast?latitude=12.45&longitude=10.04&daily=precipitation_sum&timezone=Africa%2FLagos&format=csv")
```

Karon farko da ka sa fomula mai linki a fayil, Sheets zai tsaya ya fito da wani gargaɗi a sama cewa wasu fomuloli na son yin hulɗa da waje, da maɓalli `Allow access`. Ka danna shi. To a nan masu waya ke maƙalewa, don a cikin manhajar wayar maɓallin ba ya fitowa, sai dai ka ga `#REF!` da saƙon da ke cewa ka yi amfani da burauzar kwamfuta. Ga mafita: ka buɗe Chrome, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka sa alama a `Desktop site`, sannan ka shiga `sheets.google.com` ka buɗe fayil ɗin daga can. Rubutun zai yi ƙanana kamar tururuwa, ka ja da yatsu biyu ka nemo `Allow access` ka danna. Sau ɗaya ake yi wa fayil, daga nan ka koma manhajarka. In wayar ta nace sai ta jefa ka cikin manhaja, ka kwafi linkin fayil ɗin ka liƙa shi da hannu a Chrome, ko ka je shagon masu kwamfuta na minti biyar, amma ka tabbata ka fita daga Gmail ɗinka kafin ka tashi.

In ta yi, ga abin da za ka gani. Layi na 1 da na 2 bayanin wurin ne, lambobin taswira da tsayin ƙasa da agogo, sun kai har F. Lambobin taswirar za su ɗan bambanta da waɗanda ka sa, ba matsala, ya ɗauki wuri mafi kusa a nasa ma'aunin ne. Sai layi ɗaya ba komai, sai layi na 4 mai kan magana `time` da `precipitation_sum (mm)`, sai kwana bakwai daga layi na 5 zuwa na 11, yau ce ta farko. In maimakon kwanan wata ka ga wata lamba kamar 45852, kar ka tsorata, haka Sheets ke ƙirga kwanaki a cikinsa, wannan ɗin 14 ga Yuli 2025 kenan. Ka zaɓi layin A, ka shiga `Format`, `Number`, `Date`.

Ita `mm` ɗin milimita ce. Milimita 1 na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. In ka ga 0.4 ko 1 yayyafi ne da ko ƙura ba zai kwantar sosai ba, in ka ga 25 ko 30 ruwa ne na gaske.

Yanzu ka koma `Gaba`. A A1 ka rubuta "Ruwan kwana uku", a B1:

```
=SUM(Ruwa!B5:B7)
```

A ƙasansa kuma, B2:

```
=IF(Ruwa!B5+Ruwa!B6>20,"A dakata da taki","Ba laifi")
```

Kafin ka yarda da su ka duba da idonka cewa yau ɗin a layi na 5 ta faɗo a naka, in ba nan ba ka gyara lambobin. Shi 20 ɗin nan ni na zaɓe shi saboda ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, ruwa mai ƙarfi in ya sauka washegarin sa yuriya wanke shi yake yi ya tafi da shi ƙasa, kuɗin buhu ya bi ruwa. Mai fadama ko ƙasar laka sai ya sa nasa. A ce yau ta nuna 3 gobe 22, jimla 25, akwatin zai ce a dakata, jibi in ƙasa ta yi laima ba ta jiƙe sharkaf ba sai a zuba.

Wani dattijo a ƙungiyarmu da na nuna masa ya ce, "Yaro, wayar taka ce za ta faɗa min ruwa?" Na ce, "Baba, ruwa na Allah ne, wannan kintace ne kawai, kamar yadda kuke duba hadarin gabas." Kuma gaskiyar kenan. Ruwan daminar nan tamu yanki-yanki yake sauka, a yi shi a garinku a tsallake ƙauyen da ke gaba, hasashen kuwa na yanki mai faɗi ne. Na yau da gobe nake ɗauka da muhimmanci, na kwana shida ko bakwai kallonsa kawai nake, don kafin ranar ta zo ya canza sau da yawa.

In kana son ganin kwanakin baya ka ƙara `&past_days=7` a cikin linkin kafin alamar zance ta rufe. Amma ka sani layukan za su matsa, yau ba za ta ƙara zama a layi na 5 ba, sai na 12, kuma fomulolin `Gaba` ba za su yi maka ƙorafi ba, za su ci gaba da tara ruwan makon jiya suna ce maka na gobe ne. Gara ka yi wannan a wani ganye daban.

Mataki na 4: Ɗauko tebur daga shafi da IMPORTHTML

Yawancin shafuka ba su da `CSV`, tebur ne kawai a jikin shafin. A nan `IMPORTHTML` ke shigowa. Abu uku take so: linki, kalmar `"table"` ko `"list"`, sai lambar teburin in an ƙirga daga saman shafi. A koya da Wikipedia don teburanta na gaske ne. A ganyen `Tebur`, A1:

```
=IMPORTHTML("https://en.wikipedia.org/wiki/List_of_Nigerian_states_by_population","table",1)
```

Lambar ƙarshen nan ita ce ke wahalarwa. Abin da idonka ke gani tebur na farko ba lallai shi ne na farko a wurin fomula ba, don wasu akwatunan gefe da na sanarwa su ma tebur ne a ƙirar shafin. In 1 ta kawo wani abu daban ka mai da ita 2, sai 3, har ka dace. Ba wata dabara, gwaji ne. A wannan shafin za ka san ka dace in ka ga jerin jihohi da adadin ƙidayar 2006, Kano sama da miliyan 9, Jigawa sama da miliyan 4.

Da wuya ka buƙaci tebur gaba ɗaya. Ka ce Jigawa kawai kake so, sai a `Gaba` ka nemo ta da sunanta. In sunayen jihohi suna layin B, lambar da kake so tana layin C:

```
=INDEX(Tebur!C:C,MATCH("*Jigawa*",Tebur!B:B,0))
```

Ka duba naka ka canza B da C su dace da inda abin ya faɗo. Taurarin da ke gefen sunan suna nufin ko an ƙara wani abu gaba ko baya, kamar `State`, a kama shi. Na fi son wannan a kan ka ce kawai "ba ni C9", saboda masu shafi na iya sake jera teburin gobe, C9 ta zama ta wata jiha, kai ba ka sani ba. Nema da suna kuwa duk inda ta koma zai bi ta.

Kafin ka ɓata lokaci a kan kowane shafi, ka yi masa wannan gwajin. A Chrome na waya ka shiga `Settings`, `Site settings`, `JavaScript`, ka kashe, ka sake buɗe shafin. In teburin na nan, akwai alamar fomula za ta gan shi. In ya ɓace ko wurin ya zama fari yana ta juyawa, ka haƙura, shafin irin waɗanda sai an buɗe su sannan suke kiran lambobin daga wani wuri ne, yaron aiken namu kuwa ba ya jira, fankon shafi yake tararwa ya dawo da `#N/A` da `Imported content is empty`. Akwai wani shafin farashin kayan gona da na yi kwana biyu ina fama da shi, na gwada lamba 1 har zuwa 15, ashe wannan ce matsalar. Kar ka manta ka mayar da `JavaScript` ɗin bayan gwaji, in ba haka ba shafuka da yawa za su daina buɗe maka.

Haka duk shafin da sai ka sa suna da lambar sirri, asusun banki, Facebook, guruf ɗin WhatsApp da ake turo farashin Dawanau, babu fomular da za ta shiga. Irin wannan da hannu za ka ci gaba da rubutawa. PDF da hoton tebur su ma haka.

Akwai `IMPORTXML` ga abin da ba tebur ba, misali wannan zai jero maka ƙananan kanun da ke shafi:

```
=IMPORTXML("https://en.wikipedia.org/wiki/Jigawa_State","//h2")
```

Tana da ƙarfi amma da an taɓa ƙirar shafi take karyewa, ni ba na ɗora lissafin ƙungiya a kanta.

Mataki na 5: Tabbatar lamba lamba ce

Wannan kuskuren shiru yake yi. Wani lokacin abin da ya shigo kamar lamba yake a ido, amma Sheets rubutu ya ɗauke shi, saboda akwai alamar ₦ a gaba, ko 'yar lambar madogara a baya kamar yadda Wikipedia ke sawa, ko taurari a gefe in an yi rubutun da kauri. `SUM` kuma ba ta faɗa, tsallake shi kawai take ta ba ka jimlar da ba ta cika ba.

Yadda ake ganewa: in ba ka taɓa jerin ba, lamba tana manne wa dama a akwati, rubutu yana manne wa hagu. Ko ka tambaya kai tsaye da `=ISNUMBER(Tebur!C5)`, in ya ce `FALSE` rubutu ne. Ba za ka iya gyara shi a cikin ganyen da fomula ta malala ba, da ka buga wani abu a wurin duk teburin zai ɓace ya bar `#REF!`. A wani ganye ake wankewa:

```
=VALUE(REGEXREPLACE(Tebur!C5,"[^0-9.]",""))
```

Ma'anarta a cire duk abin da ba lamba ko ɗigo ba. Tana maganin ₦ da waƙafi da taurari. Sai dai in 'yar lambar madogara ce a baya, ita ma ai lamba ce, za ta manne a jiki, 5,000 mai 2 a baya ya koma 50002. Don haka bayan wanki ka gwada biyu ko uku da abin da ke shafin. In kuma akwatin dama can lamba ce ta gaske, wannan fomular za ta ba da `#VALUE!`, ba ya buƙatar wankin.

Mataki na 6: Sabuntawa da ajiye tarihi

Kalmar "kai tsaye" tana ruɗin mutane. `IMPORTDATA`, `IMPORTHTML` da `IMPORTXML` kusan duk awa ɗaya suke komawa su dubo sabo in fayil yana buɗe, ba duk daƙiƙa ba. In ba sabis kuma abin da ya shigo na ƙarshe za ka ci gaba da gani, ba abin da zai nuna maka ya kwana. Shi ya sa a `Gaba` na sa `=Ruwa!A5` a sama da manyan baƙaƙe, in kwanan watan da ke wurin ba na yau ba ne na san tsohon zance nake kallo.

In kana sauri, ka yanke fomular daga akwatin, ka ɗan jira, ka sake liƙa ta. Wasu na ƙoƙarin haɗa linkin da `NOW()` ko `RAND()` don ya riƙa sabuntawa ba tsayawa, Sheets ba ya yarda, kuskure zai ba ka. Kuma kar ka cika fayil da irin fomulolin nan hamsin, sai su tsaya a `Loading...` su ƙi gaba su ƙi baya. Ka ɗauko tebur sau ɗaya, sauran akwatuna su sha daga gare shi.

In ka ga `Could not fetch url`, fara kwafe linkin ka buɗe a Chrome. In bai buɗe ba kuskuren rubutu ne ko shafin ya faɗi. In ya buɗe a wayarka amma ya ƙi a Sheets, mai shago ne ya kori yaro, ko dai shafin ba ya son irin wannan ɗaukar, ko kuma mutane da yawa sun yi ta aike ta hanyar Google a ranar har an kai iyaka. Ka bar shi zuwa anjima ko gobe, in kwana da kwanaki bai dawo ba ka nemi wani shafin.

Sai tarihi. Fomula ba ta da ajiya, na yau na shigowa na jiya ya tafi. Na canji da sauƙi, ana iya tambayar baya, a sabon ganye:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:USDNGN","price",DATE(2024,1,1),DATE(2024,3,31),"DAILY")
```

Na sauran kuwa sai ka ajiye da kanka. Na buɗe ganye na biyar mai suna `Tarihi`, duk Alhamis da yamma in kwafi akwatunan `Gaba`, in je layi na gaba da ba komai a `Tarihi`, in liƙa lambobin zalla. A laftof `Ctrl+Shift+V` ne, ko `Paste special` sannan `Values only`. In ka yi liƙi na kullum fomular za ka kwafo ba lambar ba, mako na zagayowa ka tarar tarihin naka ya canza ko ya cika da kurakurai. A waya in ban ga zaɓin ba, lambobi huɗu ne kacal, da hannu nake buga su tare da kwanan wata.

Wajen raba wa 'yan ƙungiya kuma ka danna `Share` ka ba su `Viewer` kawai, ba `Editor` ba. Ma'ajinmu ya taɓa buga lambar wayar wani dillali a tsakiyar ganyen `Ruwa` don kar ya manta, washegari aka kira ni wai fayil ya lalace, duk allon `Gaba` ya rikice. Na taɓa A1 na karanta saƙon, `Array result was not expanded because it would overwrite data in D2`, na je D2 na goge lambar, komai ya dawo. Waɗanda wayarsu ba ta ɗaukar Sheets kuwa, hoton allon `Gaba` nake ɗauka da safe in tura musu a guruf, da kwanan watan a jiki.